Daga Waya Zuwa Kwamfuta, Ba Kebul, Ba Cin Data

A shagunan buga takardu da na haɗa bidiyo, abu ɗaya ake ta maimaitawa kullum. Mutum zai shigo da takarda ko bidiyo a wayarsa, ga kwamfutar da za ta yi aikin a gabansa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce kamu biyu ba. A nemi kebul, a tarar na caji ne kawai, ba ya ɗaukar fayil, ko kuma bakinsa bai dace da wayar ba. Sai mai shago ya ce: "Turo min ta WhatsApp." Fayil ɗin ya tashi daga wayar, ya bi ta hasumiyar kamfanin sadarwa, ya je wata babbar kwamfuta a can nesa, sannan ya dawo cikin shagon da ya baro. Mai wayar ya biya kuɗin data wajen turawa, mai shago ya biya wajen saukewa. Idan hoto ne aka tura shi yadda aka saba, WhatsApp ya matse shi ya rage masa kyau, sai an buga a takarda a ga fuska ta yi dishi-dishi.

Akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi, kuma kayan aikinta suna hannun kusan kowa. Idan waya da kwamfuta suna kan Wi-Fi ɗaya, wayar tana iya miƙa wa kwamfutar fayil kai tsaye, kwamfutar kuma ba ta bukatar a saka mata wata sabuwar manhaja. Burauzar da ke cikinta, Chrome ko Edge ko Firefox, ita kaɗai ta isa.

Wi-Fi daban, intanet daban

Abin da ya hana mutane da yawa amfani da wannan hanya shi ne sun ɗauka Wi-Fi da intanet abu ɗaya ne. Wi-Fi hanyar rediyo ce gajera, wadda ke haɗa na'urorin da ke cikin gida ko ofis da rautar da ke wurin, ko da ƙaramar MiFi ɗin nan da ake sa wa layi. Intanet kuwa ita ce hanyar da ke fita daga rautar zuwa waje, kuma ita kamfanin sadarwa ke cajin kuɗinta. Saboda haka MiFi ɗin da datarta ta ƙare tun makon jiya tana nan da amfaninta: idan ka kunna ta, waya da laftof suka hau kanta, za su iya magana da juna, ko da ba za su buɗe shafi ko ɗaya na waje ba. Fayil ɗin da ya bi wannan hanya bai fita daga ɗakin ba, don haka babu abin da kamfanin sadarwa zai cire maka.

To ta yaya burauza ke shigowa cikin maganar? Aikin burauza dai guda ne: ka ba ta adireshi, ta je ta roƙi na'urar da ke wannan adireshin ta ba ta shafi. Mun saba na'urar da ake roƙa babba ce, tana wata ƙasa. Amma babu dokar da ta ce sai babba. Akwai manhajojin da ke sa wayarka ta riƙa amsa irin wannan roƙon, ta zama ƙaramin shafin yanar gizo wanda sai na'urorin da ke kan Wi-Fi ɗinku ke iya gani. Manhajar za ta nuna maka adireshi a fuskar waya, mai kama da wannan:

```
http://192.168.0.103:53317
```

Wanda ya fahimci wannan layin ya fahimci dukan al'amarin, kuma zai iya gano matsala da kansa in ta taso. A ɗauke shi kamar kwatancen gida. Kashi uku na farko, 192.168.0, sunan unguwa ne, kuma duk na'urar da ke kan rauta ɗaya a gida ko ƙaramin ofis tana da irinsu. Kashi na huɗu, 103, lambar gidan ce, wato wayarka, kuma rautar ce ta ba ta lambar a lokacin da ta hau. Abin da ya biyo bayan ɗigo biyun nan, 53317, ƙofar da manhajar ke tsaye tana jiran baƙi ce, domin waya tana da ƙofofi da yawa kuma kowace manhaja da tata.

Lambobin da suka fara da 192.168 an keɓe su ne don amfanin cikin gida, kamar yadda aka keɓe waɗanda suka fara da 10, da kuma waɗanda suka fara daga 172.16 zuwa 172.31. Ba sa aiki a buɗaɗɗiyar intanet. Shi ya sa idan ka aika wa ɗan'uwanka da ke wani gari wannan adireshin, ba zai ga komai ba. Wannan iyaka ce ga hanyar, kuma ita ce babbar kariyarta.

Bidiyon walima, mataki-mataki

Mu ɗauki misalin malamar Islamiyya da ta ɗauki bidiyon walimar saukar ɗalibanta da wayar Android. Bidiyon ya kai gigabait 1.8, ga kuma hotuna 40, kowanne kimanin megabait 3. Tana so ta ba wa mai haɗa bidiyo ya gyara a laftof ɗinsa. WhatsApp yana yarda a tura fayil har gigabait 2 idan an tura shi a matsayin takarda, don haka bidiyon zai shiga da ƙyar, amma ita za ta ƙona gigabait 1.8 wajen turawa, shi ma ya ƙona wani 1.8 wajen saukewa. Gigabait 3.6 ke nan a kan bidiyo ɗaya, ban da zaman jiran netiwok.

Manhajojin da ke wannan aiki suna da yawa. Xender, wanda kusan kowa ya sani, yana da sashen haɗawa da kwamfuta. AirDroid ma yana yi. Ni dai wadda na fi ba da shawara a kanta ita ce LocalSend, saboda dalilai uku: kyauta ce, babu talla a cikinta, kuma fayil ɗin da ka zaɓa kaɗai take nuna wa kwamfuta. Wannan na ukun shi ne ya fi nauyi, kuma za mu dawo kansa. Saukar da manhajar a karon farko ne kawai ke bukatar data.

Malamar za ta fara da haɗa wayarta da Wi-Fi ɗin da laftof ɗin ke kai. Idan MiFi ɗin babu data a cikinta, wayar za ta yi ƙorafin cewa wannan Wi-Fi ba shi da intanet, wata ma ta tambaya ko a ci gaba da zama a kansa. Sai ta amsa da e. Ya kyautu kuma ta kashe datar wayarta gaba ɗaya, domin wasu wayoyin in suka ga Wi-Fi babu intanet sukan zame su koma kan data ba tare da sun faɗa ba, kuma daga nan aikin ya lalace.

Daga nan ta buɗe LocalSend, ta shiga sashen Send, ta zaɓi bidiyon da hotunan. Idan wayar ta nemi izinin ganin hotuna da bidiyo, ta ba da. A cikin hanyoyin turawa akwai wadda aka rubuta Share via link. Tana danna ta, adireshin nan zai bayyana. Kada ta fita daga wannan shafin, kada kuma ta bar fuskar wayar ta mutu.

Shi kuma mai haɗa bidiyo ya buɗe burauzarsa, ya rubuta adireshin a dogon layin da ke can sama, harafi da harafi, har da http da ɗigo biyun da lambar ƙofa. A nan ne mutane suka fi yin kuskure. Wasu sukan rubuta shi a akwatin binciken Google da ke tsakiyar shafi, sai burauza ta tafi neman lambar a intanet. Wasu kuma sukan sa waƙafi a wurin ɗigo, ko su manta lambar ƙofa. Idan an rubuta daidai, shafin zai nuna yana jiran amsa, wayar malamar kuma ta nuna cewa wata na'ura tana neman shiga. Ta amince, sai sunayen fayilolin su jeru a fuskar laftof. Ya danna bidiyon, ya fara sauka cikin foldar Downloads kamar kowane abu da ake saukewa daga intanet. Wani lokaci burauza takan tsayar da saukewar ta nemi a tabbatar mata, sai a danna Keep.

Hotuna 40 ɗin suna da ɗan wahala, domin danna su ɗaya bayan ɗaya yana cin lokaci. Dabarar ita ce malamar ta fara tattara su cikin fayil ɗaya na zip da manhajar fayiloli ta wayarta, yawancinsu suna da umarnin Compress, sannan ta tura shi a dunƙule. Fayil ɗaya mai megabait 120 ya fi saurin wucewa a kan ƙanana 40.

Minti nawa za a jira

Amsar tana kan irin Wi-Fi ɗin. Yawancin MiFi da tsofaffin rautoci suna aiki ne a zangon rediyo na 2.4 GHz. A wannan zangon, wayoyi masu matsakaicin kuɗi sukan nuna gudun haɗi na 72 Mbps. Kada wannan lamba ta ruɗe ka. Da farko, ana lissafa ta ne da bit, kuma bit 8 ne ke yin bait ɗaya, don haka 72 ɗin nan megabait 9 ne a daƙiƙa a kan takarda. Na biyu, kusan rabin wannan yana tafiya a hidimar rediyon kanta. Na uku, idan waya da laftof duk ta iska suka hau rautar, kowane yanki na fayil sai ya yi tafiya biyu, daga waya zuwa rauta, daga rauta zuwa laftof, kuma a iska ɗaya suke karɓa-karɓa. Abin da zai rage a hannu bai cika wuce megabait 2 zuwa 3 a daƙiƙa ba.

A gudun megabait 3, bidiyon malama mai megabait 1,800 zai ɗauki daƙiƙa 600, wato minti 10. Idan rautar tana da zangon 5 GHz kuma na'urorin biyu sun hau kansa a ɗaki ɗaya, ana iya samun megabait 20 a daƙiƙa, aikin ya ƙare cikin minti ɗaya da rabi. Rautocin da ke da zango biyu sukan nuna suna biyu, ɗaya da 5G a ƙarshensa. Wannan 5G ɗin ba shi da alaƙa da 5G na kamfanonin sadarwa, zangon 5 GHz kawai ake nufi. Rauninsa shi ne ba ya ratsa bango sosai, don haka a matso kusa da rautar. Idan kuma kwamfutar ta tebur ce da aka jona wa rautar da kebul, hakan ya fi kyau ma, domin tafiya ɗaya ce kawai ta rage a iska.

Idan babu rauta ko MiFi a wurin fa? Wayar da kanta tana iya zama rautar. Malama ta kashe data, ta kunna Hotspot, laftof ya hau kansa, sannan ta buɗe manhajar kamar yadda aka bayyana. A yawancin wayoyin Android, Hotspot yana kunnuwa ko da data a kashe take, kuma sau da yawa ya fi bi ta MiFi sauri tunda babu mai shiga tsakani. Ina jaddada kashe datar nan, domin laftof mai Windows in ya samu intanet yakan fara saukar da sabbin gyare-gyarensa a ɓoye, kafin a ankara datar wata guda ta tafi. Masu iPhone ba su da wannan damar, domin Hotspot ɗinta yana bukatar a bar data a kunne. Su sai su shiga saitin Wi-Fi na laftof ɗin su kunna Metered connection, wanda ke sa Windows ya rage irin wannan saukewar.

Idan shafin ya ƙi buɗewa

Za a rubuta adireshi daidai, burauza ta yi ta juyawa, ƙarshe ta ce ba ta iya kaiwa ba. A nan mutane sukan yi fushi su koma WhatsApp, alhali burauzar tana faɗin inda matsalar take a ƙasan shafin, da ƙananan haruffa. A Chrome da Edge, saƙonni biyu ne suka fi fitowa, kuma ma'anarsu ta sha bamban.

Idan ka ga ERR_CONNECTION_REFUSED, labari ne mai daɗi. Ma'anarsa laftof ya kai ga wayar, amma babu mai amsawa a ƙofar da aka nema. Ko dai an rubuta lambar ƙofa ba daidai ba, ko an fita daga shafin manhajar, ko kuma wayar ta kashe manhajar don tanadin batir. Wayoyi da yawa suna yin haka da zarar fuska ta mutu. Maganinsa a koma cikin manhajar a sake fara rabawa, a kashe tanadin batir na ɗan lokaci, a kuma ƙara tsawon lokacin da fuska ke ɗauka kafin ta mutu. In da hali a jona wayar a caji.

Idan kuwa ERR_CONNECTION_TIMED_OUT ne, ko ERR_ADDRESS_UNREACHABLE, to laftof bai kai ga wayar ba sam. Abu na farko da za a duba shi ne ko da gaske suna kan hanya ɗaya. A laftof mai Windows, a buɗe Command Prompt a rubuta:

```
ipconfig
```

A nemi layin da aka rubuta IPv4 Address a ƙarƙashin sashen Wi-Fi. A ce ya nuna 192.168.0.105, wayar kuma tana 192.168.0.103. Kashi ukun farko sun zo ɗaya, suna tare ke nan. Amma idan laftof ya nuna 192.168.8.100 misali, to yana kan wani Wi-Fi dabam, wataƙila na shagon maƙwabci da ya taɓa hawa, ya koma kansa da kansa. Wannan umarnin yana da wani amfanin kuma: idan ta Hotspot ake aiki, lambar da ke gaban Default Gateway ita ce lambar wayar. A tsofaffin wayoyin Android kullum 192.168.43.1 ce, shi ya sa za ka ga tsofaffin bayanai suna ba da ita kamar ba ta canzawa. Sababbin wayoyi suna canza ta, don haka a dogara da abin da fuskar wayar ta nuna a ranar. Ko a kan rauta ma, lambar da waya ta samu jiya ba lallai ta same ta yau ba.

Idan lambobin sun dace amma shafin bai buɗe ba, a gwada wannan, da lambar wayar:

```
ping 192.168.0.103
```

Idan amsoshi suka dawo suna farawa da Reply from tare da lambar wayar da lokacin da suka ɗauka, hanya a buɗe take, matsalar tana wajen manhaja ko rubutun adireshi. Idan Request timed out ko Destination host unreachable ke fitowa, akwai abin da ya tare tsakani. Abu biyu ne suka fi yin haka. Na farko VPN. Mutane da yawa suna barinsa a kunne sun manta, shi kuma yakan kwashe duk zirga-zirgar na'ura ya bi da ita waje, har ta kasa ganin maƙwabciyarta. A kashe shi a waya da laftof duka. Na biyu shi ne rautar da kanta. Wi-Fi na otal, na filin jirgi, na wasu makarantu, da wanda ake ware wa baƙi a ofis, galibi an saita su ne yadda kowace na'ura za ta ga intanet amma ba za ta ga 'yar'uwarta ba. A saitin rauta ana kiran wannan AP Isolation ko Client Isolation. Idan rautarka ce, kana iya shiga ka kashe shi. Idan ta otal ce, kada ka ɓata lokacinka, da gangan aka yi don kare baƙi daga juna, kuma daidai ne. Ka kunna Hotspot ɗinka ka yi aikinka.

Masu iPhone suna da ƙarin abu ɗaya. Tun daga iOS 14, wanda ya fito a 2020, manhaja ba ta iya magana da na'urorin cikin gida sai an ba ta izinin Local Network. Wanda ya danna ƙin yarda a ranar farko sai ya koma saitin wayar ya kunna mata. Haka kuma hotunan iPhone tun 2017 sukan zo da tsarin HEIC, wanda wasu kwamfutocin Windows ba sa buɗewa sai an ƙara musu manhaja. Fayil ɗin ya iso lafiya, buɗewar ce ta gagara, don haka kada a ɗora wa Wi-Fi laifi.

Wa ke iya ganin abin da ke cikin wayarka

A gefen adireshin, burauza za ta rubuta Not secure. Gaskiya ta faɗa. Adireshin ya fara da http ne ba https ba, ma'ana ba a lulluɓe abin da ke wucewa tsakanin waya da burauza da wani ƙarin sirri ba. A kan Wi-Fi ɗin gidanka mai kalmar sirri, ko a kan Hotspot ɗinka da kai kaɗai ka san kalmarsa, wannan ba abin tayar da hankali ba ne. A kan Wi-Fi ɗin da kowa ke hawa kuwa, bai dace a tura takardun banki ko hoton katin shaida ta haka ba.

Amma haɗarin da ya fi wannan kusa da mu shi ne yawan abin da manhajar ke buɗewa. Manhajojin nan kashi biyu ne. Wasu, kamar Xender da AirDroid, an gina su ne don mai waya ya sarrafa wayarsa daga kwamfutarsa, saboda haka da zarar ka amince, burauza za ta nuna hotunanka da bidiyoyinka da takardunka gaba ɗaya. Idan laftof ɗinka ne a ɗakinka, wannan jin daɗi ne, kana zaɓen abin da kake so a babbar fuska. Idan kwamfutar shago ce, ka buɗe wa baƙo hotunan iyalinka ke nan, kuma kwafe folda guda ba ya ɗaukar lokaci. Matan aure da 'yan mata su ne suka fi cutuwa idan hoto ya fita ta irin wannan hanya, kuma abin da ya fita ba ya dawowa. Shi ya sa a wurin da ba naka ba, manhajar da ke nuna abin da ka zaɓa kaɗai ita ce daidai. LocalSend tana da zaɓin sa lambar sirri da sai an rubuta ta kafin shafin ya buɗe, tana kuma da zaɓin amincewa da kowane roƙo kai tsaye. Na farkon a kunna shi, na biyun a bar shi a kashe.

Ko da wannan, hanyar burauza ta fi abubuwa biyu da aka saba yi a shaguna aminci nesa ba kusa ba. Ɗaya shi ne miƙa wa mai shago wayar a buɗe ya jona da kebul. Ɗayan shi ne buɗe WhatsApp Web a kwamfutarsa, a buga takarda, a tashi a tafi ba a fita ba, duk hirarrakin mutum su zauna a shagon ga duk wanda ya zauna bayansa.

Akwai wata hanyar da ba ta bukatar saka manhaja ko a waya. A buɗe pairdrop.net a burauzar waya da ta kwamfuta, kowace na'ura za ta ga ɗayar da wani suna da shafin ya laƙa mata, a danna sunan a zaɓi fayil. Sai dai ita tana bukatar intanet don buɗe shafin da kuma gabatar da na'urorin ga juna, ko da yake fayil ɗin kansa ta cikin gida yake bi idan suna kan Wi-Fi ɗaya. Ta dace da takarda ɗaya ko hotuna kaɗan a wayar da ba ka son saka mata komai. Ga babban bidiyo, ko inda babu data ko kaɗan, manhajar da ke cikin waya ta fi.

Kafin a goge na waya

Yawancin masu kwashe bidiyo zuwa kwamfuta suna yi ne don waya ta cika, kuma da sun ga sunan fayil a laftof sai su goge na wayar. Ganin suna ba ya nufin fayil ya gama sauka. Idan sunan ya ƙare da .crdownload a Chrome ko Edge, ko .part a Firefox, saukewar ba ta kammala ba, kuma idan ta yanke a tsakiya, sau da yawa sai an faro daga farko. A duba girman fayil ɗin a ɓangarorin biyu. Za a ga ɗan bambanci da bai kamata ya tsorata kowa ba: bidiyon da waya ta kira 1.8 GB, Windows zai nuna shi kusan 1.68 GB, domin yawancin wayoyin yanzu suna ƙirga da 1,000 shi kuma yana ƙirga da 1,024. Amma idan laftof ya nuna 900 MB, rabi ne ya iso. Wanda kuma zai wuce da bidiyon zuwa filashi ya sani cewa filashin da aka tsara da FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4, komai yawan wurin da ya rage a cikinsa.

Gwajin da ya fi kowanne shi ne a buɗe bidiyon a laftof, a ja shi zuwa mintin ƙarshe a ga yana tafiya da hoto da murya. Idan ya yi, a koma waya a tsayar da rabawar, a rufe manhajar, a kashe Hotspot in an kunna shi. Bidiyon da ba za a iya sake ɗaukarsa ba, irin na walima ko ɗaurin aure, kada a goge shi daga waya sai yana wuri biyu dabam, laftof da filashi.